Yadda ake sayen layin waya da zarar an sauka a Saudiyya, da abin da za a duba a jikin wayar tun daga Abuja

Yawancin wahalar da matafiyi ke sha a gaban kantin sayar da sim a Jidda ko Madina, daga gida ya taho da ita a aljihu. Ko dai wayar a kulle take da kamfani ɗaya bai sani ba, ko ba ta da ramin sim na biyu, ko ya baro takardar bizarsa a cikin jakar da aka auna. Sayen layin kansa bai wuce aikin 'yan mintuna ba idan babu dogon layi. Saboda haka rabin wannan bayani a Abuja za a yi shi, kafin a kama hanyar filin jirgin Nnamdi Azikiwe. An ɗauki Saudiyya ne domin can mutanenmu suka fi zuwa, kuma dokarta ta rajistar layi tana da tsauri. Wanda ya iya tata, ta sauran ƙasashe ba za ta ba shi wuya ba.

Kwana uku kafin tafiya: a tabbatar wayar buɗaɗɗiya ce

Kulle a nan ba lambar sirrin buɗe fuskar waya ake nufi ba. Kamfanonin sadarwa a Amurka da wasu ƙasashe sukan sayar da waya a biya kaɗan-kaɗan, sai su ɗaure ta yadda ba za ta karɓi sim ɗin kowa ba sai nasu har a gama biya. Irin waɗannan wayoyi suna shigowa Najeriya a cikin kayan hannu, waɗanda ake ce wa na Landan. Wanda ya sayi Tekno ko Infinis ko Itel sabuwa a kwali a nan gida ba shi da wannan damuwar. Mai Ayifon ko Samsun ta hannu shi ne zai tsaya ya duba.

A Ayifon, a shiga Settings, sai General, sai About, a gangara ƙasa zuwa Carrier Lock (a wasu wayoyin an rubuta Network Provider Lock). Idan aka ga No SIM restrictions, waya a buɗe take. Idan aka ga SIM locked, a kulle take, ko da kuwa yanzu haka layin Najeriya yana aiki a cikinta.

Wannan na ƙarshe shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Mutum zai ce ai shekara biyu yana amfani da layinsa a wayar, ta yaya za a ce a kulle take? Abin da ke faruwa shi ne, ana shimfiɗa wani siririn falle mai kamar takarda a ƙarƙashin sim, masu gyara suna ce masa cif, wanda ke yaudarar wayar ta ɗauka sim ɗin kamfaninta ne. Ciro tiren sim ɗin ka duba da kyau a cikin haske. Idan ka ga wani abu baƙi ko ruwan zinariya manne da bayan sim ɗin, to da cif take aiki. An saita shi ne da layin da ke ciki. Ka sa sim ɗin Saudiyya a kansa, zai iya kamawa, zai iya ƙi, kuma ba za ka sami wanda zai zauna ya sake maka saitin a filin jirgi ba. Mai irin wannan waya gara ya nemi wata ta tafiya. Kamfanin da ya kulle waya shi kaɗai ke iya buɗe ta ta hanyar da ba ta warwarewa, kuma galibi ba ya yi sai an gama biyan kuɗinta.

A Andiroid babu wuri ɗaya da duk wayoyi ke nuna wannan, sai dai gwaji. Kashe wayar, ka sa sim ɗin wani kamfani daban da naka, misali na Airtel idan kai MTN kake amfani da shi, ka kunna, ka yi kira. Idan ta nuna SIM network unlock PIN ko Network locked, a kulle take. Akwai kuma wani kulle na yanki da wasu wayoyin Samsun sababbi ke zuwa da shi: sai an yi kiran da ya kai minti 5 da layin yankin da aka sayar da wayar kafin ta karɓi na wani yanki. Don haka kada ka sayi sabuwa a kasuwar waya ta Banex daren tafiya ka bar ta a kwali da niyyar buɗewa a Makka. Buɗe ta a nan, ka sa layinka, ka kira gida ku ɗan daɗe kuna gaisawa.

Rami nawa ne a wayar

Daga nan sai a danna wannan a wurin buga lamba:

```
*#06#
```

Za ta nuna lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Idan biyu ne, wayar tana ɗaukar layi biyu. Idan akwai wata doguwar lamba mai suna EID, tana karɓar eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba. A ɗauki hoton wannan shafi a ajiye.

Ayifon 14 da waɗanda suka biyo bayanta, idan na kasuwar Amurka ne, ba su da ramin sim sam, eSIM kawai suke ɗauka. Mai irin ta dole ya faɗa wa mai kanti tun kafin a ɓare kati cewa eSIM yake so. Manyan kamfanonin Saudiyya uku, stc da Mobily da Zain, duk suna da shi, amma ba kowane ƙaramin tebur ne ke iya fitar da shi ba. Ofishinsu na ainihi ya fi. Ayifon da aka yi wa kasuwar Chana kuwa, galibinsu sim biyu na kati suke ɗauka a tire ɗaya, gaba da baya, ba su da eSIM.

Maganar ko wayar za ta kama sabis ɗin can ba ta cika zama matsala ba ga wayar da aka yi wa kasuwar Najeriya. Zangon da 4G ɗin Saudiyya ya fi hawa, irin su na 1 da na 3, kusan kowace waya da ke kama 4G a Abuja tana da su. Wadda za a yi shakka a kanta ita ce tsohuwar waya mai 3G kawai, domin ƙasashe da yawa suna rufe 3G ɗinsu. Manyan kamfanonin Amurka sun gama rufe nasu a 2022. Irin wannan waya za ta iya nuna sandunan sabis amma data ta ƙi motsi.

Layin gida: kada a bar shi, kada kuma a sake shi

Layinka na Najeriya shi ne wanda banki ke turo wa lambar tabbatarwa da alat. Tafi da shi. Kafin tafiya, kira kamfaninka ko ka leƙa ofishinsu ka tabbatar an buɗe masa romin, wato damar aiki a ƙasar waje, an kuma haɗa shi da lambarka ta NIN, ka bar 'yan kuɗi a ciki. Karɓar saƙon tes a waje galibi ba a cajin komai. Amsa kira da yin kira da buɗe data su ne ke lashe kuɗi. A kashe Data Roaming na wannan layi tun ana zaune a ɗakin jiran jirgi.

Sai a gyara lambobin da ke cikin waya. Duk wadda aka ajiye da 080 ko 070 ba za ta shiga daga layin Saudiyya ba. A cire sifilin farko a sa +234 a gaba. Ba sai an gyara duka ba: na gida, na jagoran tafiya, na wanda zai zo ɗauka a filin jirgi ranar dawowa.

Takardun da za a riƙe a hannu

Fasfo na ainihi, ba hotonsa ba. Takardar biza da aka buga, domin bizar Umara ta yanzu ba a manna ta a fasfo, kuma lambarta ake shigarwa. Sai lambar kan iyaka, wadda Larabawa ke kira raƙamul hudud: lamba ce mai alƙaluma 10 da hukumar shige da ficen Saudiyya ke ba duk baƙon da ya shigo. Wani jami'in yakan rubuta ta da biro kusa da hatimin shiga, da alƙaluman Larabci, wani ba ya rubutawa. Idan ba a rubuta ba, yawancin masu sayarwa suna iya ci gaba da lambar fasfo da ta biza, ana kuma iya nemo ta a shafin Absher na gwamnatin Saudiyya. Sunan otel da za a sauka ma a riƙe shi a rubuce.

Abu na ƙarshe da ake buƙata shi ne yatsanka. Tun 2016 Saudiyya ta wajabta ɗaukar tambarin yatsa kafin a ba da layi, kuma na'urar kanti tana gwada shi ne da wanda aka ɗauka a teburin shige da fice. Wannan ya sa ba a iya saya wa wani. Miji ba zai karɓi fasfon matarsa ya je ya sayo mata ba tana zaune a kan kaya. Sai ta je da kanta. Shi ya sa kuma ba a iya kammala rajistar tun daga Abuja.

A gaban kanti

Bari mu bi wata Hajiya daga Kubwa da za ta yi Umara ta kwana 14, ta sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Wayarta Ayifon 11 ce ta hannu, an duba an ga No SIM restrictions. Ramin kati ɗaya gare ta, da eSIM ɗaya. Layinta na gida na kati ne.

Tana da zaɓi biyu. Ko ta karɓi eSIM na Saudiyya ta bar layin gida a raminsa, duka biyun su yi aiki a waya ɗaya. Ko ta sayi na kati, ta mayar da layin gida cikin ƙaramar waya mai tocila don karɓar saƙon banki. Na farko ya fi tsafta, amma yana da aibi guda: idan wayar ta faɗi ta fashe ko ta ɓace a cunkoso, ba a zare eSIM a sa a wata waya, sai an koma ofishin kamfani da fasfo. Ga dattijai, da duk wanda wayarsa ba ta da cikakkiyar lafiya, na kati ya fi kwanciyar hankali. Hajiya ta zaɓi na kati.

Bayan an wuce shige da fice an ɗauki kaya, kantunan kamfanonin suna nan a zauren fita. Kafin ta miƙa fasfo, tambayoyi huɗu za ta yi. Gig nawa ne na data, kuma nawa ne a ciki na komai da komai, nawa ne na kafofin sada zumunta kawai? Wannan rarrabewar tana da muhimmanci, domin ana iya tallata babban adadi alhali rabinsa ba ya buɗe taswira ko manhajar banki. Kwana nawa tsarin zai yi? Na sati biyu ga mai kwana 14 zai iya yankewa ranar komawa filin jirgi, ranar da aka fi buƙatarsa, don haka na wata ɗaya ya fi dacewa. Mintunan kiran ƙasashen waje da ke ciki, Najeriya tana cikin jerin ƙasashen? Sau da yawa jerin na wasu ƙasashe ne ƙididdigaggu. Sannan kuɗin da aka faɗa, da haraji ne ko babu? Harajin kaya a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, wato abin riyal 100 zai tashi 115. A riƙe riyal a hannu, ko ƙananan daloli da za a canza a nan zauren; dala ɗaya riyal 3.75 ce a farashin hukuma. Kada a dogara da katin banki na naira.

Mai kanti zai shigar da bayanan fasfo, ya miƙo ƙaramar na'ura mai gilashi a dangwala. A nan ake yawan tsayawa. Yatsan da ya bushe saboda sanyin jirgi ba ya fitowa. A huro masa iskar baki ko a goga shi a goshi ya ɗan sami maiƙo, a ɗora shi a shimfiɗe ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Wanda aka shafa wa mai da yawa ko yake jiƙe da gumi, a goge shi. Lalle mai duhu a kan yatsu yakan rikita na'urar, saboda haka mai shirin tafiya ta bar kan yatsunta fari har ta dawo. Tsofaffi da masu aikin hannu da zanen yatsunsu ya goge, a gwada wani yatsan. Idan duk an gwada an kasa, wani lokacin ba yatsan ba ne, bayanan shigowar ne ba su gama isa rumbun da kanti ke dubawa ba. A bari sai an isa masauki a je ofishin kamfanin.

Idan mai sayarwa ya ce a sake dangwalawa, a nemi ganin fuskar na'urar a tabbatar na farkon bai shiga ba. Kowace dangwalawa da ta yi nasara tana iya zama layi guda da sunanka, kuma duk abin da aka aikata da layin, kai za a nema. Wannan ne ma dalilin guje wa masu yawo da sim a hannu a bakin otel suna cewa an riga an yi masa rajista, sa kawai za ka yi. Da sunan wani yake. Ranar da aka rufe shi da kuɗinka a ciki, ba ka da bakin magana a kowane ofishi. Hukumar sadarwa ta ƙasar tana da hidima mai suna Arqami da mutum ke duba layukan da ke kan sunansa.

Kunna layin, kafin a bar wurin

Kada a sa katin a jaka a ce sai an isa Makka. A tsaya a gefen kantin a yi waɗannan.

A ɓallo girman da ya dace daga jikin katin. Kusan duk wayoyin yanzu mafi ƙanƙanta suke ɗauka, wato nano. A zare layin gida, a sa shi nan take a ƙaramar wayar, ko a manne shi da salatif a cikin murfin waya. Abu ne da bai kai farce ba, idan ya faɗi a kan tayil ɗin filin jirgi sai dai haƙuri. Babban katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa a ajiye shi cikin jakar fasfo, domin lambar PUK tana jiki. Idan aka yi kuskuren PIN sau 3 sim yana rufewa sai da PUK, idan aka yi kuskuren PUK sau 10 ya mutu ke nan.

A kashe wayar a kunna. Cikin 'yan mintuna sunan kamfani zai fito a sama, saƙonnin maraba su fara shigowa. A kashe Wi-Fi, domin na filin jirgi yana sa mutum ya zaci datarsa ce ke aiki, sannan a buɗe wani shafi. A kira lambar mai kanti ko ta abokin tafiya don a ji kira yana fita, a kuma ga sabuwar lambar. Lambobin hannu na Saudiyya da 05 suke farawa. Wanda zai kira daga gida zai cire sifilin ya sa +966. Sai a duba abin da ke cikin layin:

```
stc      *166#
Mobily   *1411#
Zain     *142#
```

Idan kuɗi aka gani zaune a layin maimakon tsarin data, to ba a kunna tsarin ba tukuna, kuma da an buɗe data za ta fara cin kuɗin a farashi mai tsada. A kashe data, a miƙa wa mai kanti ya kunna.

Mai eSIM, za a ba shi hoton lamba mai murabba'i ya ɗauka da kyamara ta Settings, Cellular, Add eSIM. Wannan yana buƙatar intanet, a nan Wi-Fi ɗin filin jirgi ke da amfani. Galibi sau ɗaya hoton ke aiki, don haka duk rikicin da layin zai yi daga baya, kada a danna Delete eSIM da sunan gyara.

Mai layi biyu a waya ɗaya, ya zaɓi na Saudiyya a matsayin na data da na kira. A Ayifon ya kashe Allow Cellular Data Switching, in ba haka ba duk lokacin da sabis ya yi rauni a cikin cunkoson Harami wayar tana iya komawa kan layin gida. WhatsApp kuma ba ruwansa da sim ɗin da ke ciki. Idan ya tambaya ko za a canza lamba, a bar ta gida. Sai dai kiran murya ta cikinsa ba abin dogaro ba ne a layukan Saudiyya, shi ya sa za ka ga alhazai sun koma imo. A sauke shi tun a gida, a sa iyali ma su sauke.

Idan ya ƙi

Abin da fuskar waya ta rubuta shi ke nuna inda ciwon yake. SIM Not Supported ko neman lambar buɗe netwok, wayar ce a kulle, canza sim ba zai yi magani ba. No SIM ko Invalid SIM, katin bai zauna daidai a tire ba, ko ya karce wurin ɓallowa; a gwada shi a wata waya a gani. No Service ko Emergency calls only bayan an kashe an kunna, mafi yawa rajistar ce ba ta kammala ba, a koma wurin da aka saya da rasit.

Idan kuwa kira yana fita amma data ba ta tafiya, sunan ƙofar data ne wayar ba ta ɗauka da kanta ba. A Andiroid a nemi Access Point Names a cikin saitin sim, a Ayifon Cellular Data Network, a rubuta na kamfanin a gurbin APN, a bar sauran guraben yadda suke:

```
stc      jawalnet.com.sa
Mobily   web2
Zain     zain
```

A adana, a zaɓe shi, a kunna yanayin jirgi na ɗan lokaci a kashe. Idan har yanzu shiru, lambar kula da masu hulɗa ita ce 900 a stc, 1100 a Mobily, 959 a Zain, kuma akwai zaɓin Turanci.

Layin baƙo yana da wa'adi, yana kuma tafiya ne da izinin zaman mai shi, saboda haka wanda ya ajiye sim ɗin Umarar bara ya kai shi kanti a duba kafin ya loda masa kati. Wanda kuma hanyarsa ta Turkiyya ce don karatu ko kasuwanci mai tsawo, can akwai ƙarin sharaɗi a kan wayar kanta: wadda aka shigo da ita daga waje, idan ta yi kwana 120 tana aiki da layin ƙasar ba a yi wa IMEI ɗinta rajista an biya kuɗin ba, ana toshe ta daga layukan Turkiyya. Wi-Fi zai ci gaba da aiki, idan aka dawo Abuja kuma layin gida zai kama kamar da.